Shafin tambayoyi da amsoshi na manhajar tura kuɗi: da Hausa za mu fara rubutawa ko da Turanci?

Maryam: Assalamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. A wurin aikinmu muna da manhajar tura kuɗi, yawancin kwastomominmu ƴan Kano ne da Katsina da Kaduna, an ɗora min aikin rubuta shafin tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu, Hausa da Turanci. Oga ya ba ni tambayoyi wajen 60 da aka riga aka rubuta da Turanci ya ce kawai in mayar da su Hausa, na fara kuma amma abin da ke fitowa ni kaina in na karanta ba ya kama da maganar mutane. Misali wannan, a Turancin an sa `What happens if my transaction is unsuccessful?` ni kuma na rubuta "Me ke faruwa idan hada-hadata ba ta yi nasara ba?" Wa ya taɓa yin irin wannan aikin ya nuna min hanya don Allah.

Malam Sani: Wa alaikumus salam Malama Maryam. Na daɗe a sashen karɓar koken kwastoma na banki, kuma ban taɓa jin wanda ya zo ya ce hada-hadarsa ba ta yi nasara ba. Abin da mutum ke cewa shi ne "an cire min kuɗi amma bai shiga ba", ko "na tura an ce ba a ga alat ba", ko "kuɗina sun maƙale". To kafin ki taɓa takardar oga, ki je wurin masu amsa waya da masu amsa saƙo na kamfaninku ki ce su ba ki koke-koken wata ɗaya da ya wuce, ki cire sunaye da lambobin mutane, ki zauna ki karanta ki rarraba su kashi-kashi. Za ki ga tambayoyi kaɗan ne ke ta maimaituwa, kuma ita wannan ta an cire bai shiga ba ita za ta zo a sama. Kan kowace tambaya ki rubuta shi da bakin kwastoma yadda ya faɗa.

Abba POS: Malam gaskiya ka fada wlh. Ni a shagona kullum rigimar kenan, mutum ya turo kudi ya nuna min rasit a wayarsa ya ce in ba shi kash ni kuma ban ga komai ba, in na hana ya ce na raina shi in na bayar kuma wataran rasit din na bogi ne. Ku saka wannan a farko

Maryam: Na gode Malam. To amma Turancin fa, an riga an amince da shi, lauyan kamfani ya duba. Idan na rubuta Hausar daban ba za a ce shafukan biyu sun saɓa ba?

Barista Umar: Abin da zan ce kenan. Maganar kuɗi ce, in Hausa ta ce abu kaza Turanci ya ce wani abu daban, ranar da kwastoma ya kai ƙara zai ɗauko wanda ya fi masa daɗi ne ya riƙe. Ni dai shawarata a bi Turancin jimla bayan jimla, ko da Hausar ta ɗan yi nauyi, ya fi aminci.

Malam Sani: Barista rabin maganarka na yarda da ita. Abin da bai kamata ya saɓa ba shi ne alƙawari: nawa za a cira, awa nawa za a jira, wa za a tuntuɓa, me kamfani zai iya me ba zai iya ba. Wannan dole ya zama ɗaya a shafukan biyu har kwabo. Amma ginin jimla ba dole ba ne. Yadda zan yi in ni ne, kowace tambaya sai a yi mata ƴar takarda guda ta gaskiyar magana, a jera adadin kuɗi da lokaci da matakan da mutum zai bi da sunan maɓallin da zai danna, masu kula da harkar kuɗin su sa hannu, kai ma ka sa hannu. Daga wannan takardar mai Hausa ya rubuta nasa, mai Turanci ya rubuta nasa. In an gama a ɗauko mutum na uku da ke jin harsunan biyu ya riƙe takardar ya bi kowane shafi yana duba ko akwai abin da ya faɗi ko aka ƙara. Domin fassarar jimla bayan jimla ma tana jawo rigimar da kake gudu, in mutum ya karanta bai gane ba sai ya sake tura kuɗin karo na biyu.

Barista Umar: To in dai zan ga takardar kuma a rubuta a ƙasa cewa yarjejeniyar amfani da manhaja ita ce madogara, ba ni da ja sosai. Amma ina so a mayar min da Hausar zuwa Turanci in karanta kafin a saki.

Hajiya Binta: Sannunku. Ni nawa ne ya maƙale tun jiya da daddare, na tura wa mai kawo min atamfa daga Kantin Kwari dubu ashirin an cire har yanzu ya ce bai gani ba, ke Maryam tunda a can kike aiki ko za ki duba min

Maryam: Ayya Hajiya sannu, ba lallai manhajarmu kika yi amfani da ita ba, kuma don Allah kar ki turo lambar asusunki ko rasit a nan cikin jama'a. Amma ki buɗe tarihin turawarki ki gaya mana kalmar da aka rubuta a jikin wannan dubu ashirin ɗin kawai.

Hajiya Binta: An sa Pending da ruwan ɗorawa

Malam Sani: Hajiya kar ki sake turawa tukuna, ki kira layin koke na manhajar taki yanzu tunda an kwana. Malama Maryam ga darasinki nan ya kawo kansa. Mutum uku za su zo miki da magana iri ɗaya, an cire bai shiga ba, amma halin da suke ciki daban-daban ne kuma amsarsu daban. Tura kuɗi daga wani banki zuwa wani a Najeriya yawanci ta layin NIP na kamfanin NIBSS yake bi. In an sa `Pending` manhajarku ta aika saƙo ba ta samu tabbacin ko ya isa ko bai isa ba, kuɗin na iya shiga anjima, suna iya dawowa, shi ya sa sake turawa ke da haɗari, sai mai kaya ya samu dubu arba'in ke kuma ki koma roƙo. In an sa `Failed` to bai tafi ba, kuɗi za su dawo asusu, a nan abin da mutum ke son sani shi ne yaushe. In kuma an sa `Successful` to a ɓangarenku an gama, saura bankin mai karɓa, wataƙila ma kuɗin sun shiga saƙon alat ne bai zo ba. A nan ake buƙatar `Session ID`, lamba ce mai tsawo guda 30 da ke jikin rasit, da ita bankin mai karɓa zai binciko kuɗin. Amsar da ta haɗe ukun nan ta ce "ka yi haƙuri ka jira" ba ta taimaki kowa ba.

Maryam: To bari in gwada a nan ku gyara min.

An cire min kuɗi amma wanda na tura wa bai gani ba

Kar ka sake turawa tukuna. Buɗe `Transaction History` ka taɓa kuɗin da ka tura ka duba abin da aka rubuta.
Idan ka ga `Pending`, kuɗin suna hanya, ba mu samu amsa daga bankin mai karɓa ba. Za su shiga ko su dawo maka.
Idan ka ga `Failed`, kuɗin ba su tafi ba, za mu mayar maka da su nan ba da jimawa ba.
Idan ka ga `Successful`, ka ce wa mai karɓa ya duba balas ɗinsa, kar ya tsaya jiran alat. In bai gani ba ka tura masa rasit ya kai wa bankinsa lambar `Session ID`.

Malam Sani: Ya fara kyau, musamman da kika sa kar ka sake turawa a layin farko, domin mutumin da hankalinsa ya tashi layi ɗaya yake karantawa. Amma "nan ba da jimawa ba" ki cire shi. Ga Hajiya minti goma ne, ga masu ofis kwana uku ne. Ki sa adadi. Ƙa'idar CBN, wato Babban Bankin Najeriya, ta 2018 kan tura kuɗi nan take ta sa awa 24 ne iyakar mayar da kuɗin da turawarsu ta faɗi, to ki je wurin masu daidaita lissafi na kamfaninku ki tambaye su a zahiri awa nawa suke ɗauka, har da ranar Asabar da Lahadi da hutun sallah, abin da suka iya cikawa shi za ki rubuta, kuma kar ya wuce abin da doka ta ce. Sannan kowane sashe ya ƙare da abin da mutum zai yi in lokacin ya wuce: ya danna ina, ya kira wace lamba, ya tanadi me. Na `Pending` ɗinki ma babu lokaci ko kaɗan.

Zainab: Ni abin da ban gane ba me ya sa za a bar Pending da Failed da Turanci a cikin shafin Hausa? Ai shi ke nan an koma gidan jiya. Mamata ba ta jin Turanci ko kaɗan, a rubuta "ana jira" da "bai tafi ba" mana.

Nura: Anti Zainab ya danganta da abin da ke kan allon wayar. In manhajar kanta da Turanci take, aka ce wa mutum ya danna "tarihin turawa" zai yi ta dube-dube bai ga wannan rubutun ba. Ko wanda ba ya jin Turanci yana iya kwatanta haruffa, ya ga abin da ke shafin ya yi daidai da abin da ke maɓallin. Don haka sunan maɓalli a bar shi yadda yake sak, bayanin da ke biye ya zama Hausa, a sa hoton allon a gefe da da'ira a kan wurin. Ranar da aka mayar da manhajar Hausa sai a canza duka a rana ɗaya.

Zainab: To ai sai a mayar da manhajar Hausa tun yanzu, me ake jira. Shafin taimako da Hausa manhaja da Turanci rabin aiki ne.

Maryam: Anti wannan faɗan na daɗe ina yinsa a ofis, an ce sai baɗi. Yanzu shafin kawai aka ba ni.

Nura: Wani abu kuma da za ki gaya wa masu gina shafin, akwatin bincike. Dubi yadda Abba ya yi rubutu a sama, "kudi" ya sa ba "kuɗi" ba, haka mafi yawan mutane ke yi domin kibod ɗin wayarsu babu haruffa masu lanƙwasa ko ba su saba ba. Ke ki rubuta shafinki daidai da ƙ da ɗ da ɓ, amma in ba a gyara binciken ba wanda ya buga kudi ba zai samu komai ba. Kuma dabarar da ake cire wa haruffan Faransanci alamarsu ba ta aiki a nan, saboda ɗ harafi ne mai zaman kansa a Unicode, ba d ba ce da aka ɗora wa alama. Da hannu ake yi, a shafa wa abin da mutum ya buga da kuma rubutun da ake bincikawa:

```python
T = str.maketrans("ɓɗƙƴƁƊƘƳ", "bdkyBDKY")
q = q.translate(T).lower()
```

Sannan kowace tambaya a liƙa mata kalmomin da mutane ke bugawa a ɓoye, alat, turansifa, ribasal, makale, netwok, har da na Turancin, domin mutum ɗaya yakan cakuɗa biyun a layi guda. A gwada font ɗin ma a kan ƙaramar waya mai arha, wasu sai ka ga akwati a madadin ƙ.

Abba POS: Toh ni tawa fa, ta rasit din bogi

Maryam: Yaya Abba na rubuta ta daban: "An nuna min rasit amma ban ga kuɗi ba, in ba da kaya?" Amsa: A'a. Rasit ko hoton allo ko saƙon tes ba shaida ba ne, ana iya ƙirƙirarsu. Buɗe manhajarka ka ga balas ya ƙaru kuma kuɗin sun fito a `Transaction History` kafin ka ba da kaya ko kash.

Abba POS: Yauwa. Wannan zan buga a takarda in manna a shago, in mutum ya fara fada in nuna masa ba ni na ce ba

Malam Sani: Sai wadda kamfanoni ba sa son rubutawa a fili, wato na tura wa wanda ba shi ba. Lambar asusu guda 10 ce, mutum ya kuskure ɗaya ko ya zaɓi bankin da ba shi ba, sunan wani ya fito bai duba ba ya danna. A nan kar ki rubuta "za mu dawo maka da kuɗinka" don ki kwantar masa da hankali. Gaskiyar ita ce kuɗin sun shiga asusun wani a wani banki, ku ba ku da hannun da za ku ciro su, abin da za ku iya shi ne ku aika wa wancan bankin koke, su kuma sai mai asusun ya yarda, in ya ƙi kuwa, sau da yawa sai an kai ga umarnin kotu. Ki faɗa masa haka, ki ce ya kawo rahoto nan take domin in an riga an kwashe kuɗin abin ya ƙara wuya, ki jera abin da zai kawo, rasit da `Session ID` da lokacin da ya tura. Na ga mutane da yawa da fushinsu ba na kuɗin ba ne kaɗai, na alƙawarin da aka yi musu a waya ne aka kasa cikawa.

Barista Umar: Wannan kam ina goyon baya ɗari bisa ɗari. A ƙara da hanyar ɗaukaka koke, mutum ya fara kai wa kamfanin, ya karɓi lambar koke, in ba a warware ba yana da damar kai wa sashen kare haƙƙin kwastoma na CBN. A sa shi a Hausar ma, kar ya zama mai jin Turanci ne kawai ya san yana da wannan haƙƙin.

Issoufou: Gaisuwa daga Maraɗi. Ni roƙona kan lissafi ne, ku rubuta kuɗi da lambobi da alamar Naira, kar ku rubuta da kalmomi kaɗai. Mu nan da dala muke ƙirga sefa, in na ce dala ashirin sefa 100 nake nufi, jika guda kuma sefa 1,000, ku kuma a can na ji dattawa na cewa jaka suna nufin Naira 200. Ƴan kasuwarmu da yawa da ke shiga Jibiya da Kano suna da asusun Naira kuma za su karanta shafin nan.

Maryam: Na gode Malam Issoufou, da lambobi zan sa. Ga ta caji ma ku duba: "Nawa ake cira in na tura kuɗi?" Mu muna bin jadawalin CBN na 2020 ne, ₦10 in bai wuce ₦5,000 ba, ₦25 daga nan zuwa ₦50,000, ₦50 in ya haura, sai harajin VAT kashi 7.5 a kan cajin. Sai na ƙara cewa wanda aka tura wa ₦10,000 ko fiye za a cire masa ₦50 na gwamnati.

Malam Sani: Layin ƙarshen nan ya tsufa, daga takardar oga kika ɗauko shi ko? Da haka ne, mai karɓa ake cire wa, amma daga Janairun 2026 da sabuwar dokar haraji ta fara aiki mai turawa ne ke biyan ₦50 ɗin. Kin ga amfanin takarda guda da na ce, da an gyara Turancin an manta Hausar sai shafi ɗaya ya yi ta faɗin abin da ba haka ba. Ki sa ranar da aka sabunta a ƙasan kowace amsa, kuma a hana sakin gyaran harshe ɗaya sai da ɗayan. Sannan ki ba da misali a lissafe, mutane sun fi gane shi: in ka tura ₦20,000 zuwa wani banki, caji ₦25, VAT ₦1.88, na gwamnati ₦50, abin da zai fita daga asusunka ₦20,076.88, wanda ka tura wa zai ga ₦20,000 cif.

Hajiya Binta: To ni dai sun amsa, sun ce in ba su wannan lambar mai tsawo na ba su. Amma wani ya kira ni ɗazu ya ce daga kamfanin ne in karanto masa lambar da aka turo min ta tes zai saki kuɗin, ban ba shi ba na ce sai ɗana ya dawo

Nura: Hajiya kar ki ba shi, ko ɗanki ya dawo kar a ba shi, ɓarawo ne. Wannan lambar OTP ce, da ita zai shiga asusunki. Ki toshe lambarsa ki gaya wa kamfanin ta cikin manhajar.

Malam Sani: Allah ya tsare Hajiya. Malama Maryam wannan gargaɗin kar ki ajiye shi can ƙasa a sashen tsaro da ba mai buɗewa, ki sa shi a cikin amsar kuɗi sun maƙale ɗin kanta, domin lokacin da mutum ke neman taimako ne ake kama shi. Layi ɗaya: ba za mu taɓa kiranka mu nemi PIN ko OTP ba, duk wanda ya nema ba mu ba ne. Kuma kar ki ce "lambar sirri" kawai, mutane na da PIN da OTP da BVN da NIN duk suna ce musu lamba, ki ambaci kowace da sunanta.

Zainab: Har yanzu dai ina kan bakana, irin su Mama ba za su karanta ba ko da Hausar ce, saurare suke yi. A sa murya a kowace amsa.

Nura: Muryar tana da kyau amma duk ranar da caji ya canza sai an sake ɗauka, kuma tana cin data. Wataƙila a yi wa guda biyar na sama kawai, waɗanda babu adadin kuɗi a ciki.

Zainab: Ta caji ce kuwa aka fi tambaya a gidanmu.

Maryam: Zan kai maganar muryar ofis in ji ko akwai kuɗinta. Gobe zan karɓo koke-koken watan jiya in fara rarrabawa, in na gama goma na farko Yaya Abba zan kawo shagonka mu ba kwastomomi su karanta a wayarsu, in tambaye su me za su yi bayan sun karanta, in ga ko abin da na nufa suka fahimta. Saura abu ɗaya ban yanke ba, "ka" zan yi ta amfani da shi ko "ku", domin mata da yawa ne ke amfani da manhajar kuma "ka/ki" a kowane layi yana sa karatu ya yi tsalle-tsalle.

Malam Sani: Ni "ku" zan zaɓa, ya haɗa kowa kuma akwai girmamawa.

Abba POS: Aa Malam, in aka ce ku duba sai in ga kamar sanarwar gwamnati ce ba da ni ake ba. Ki kawo duka biyun mu gwada a shago